Yadda Ake Sayar wa Kwastoma Kayan Gyaran Gashi Bayan An Gama Aiki, Ba Tare da Cusawa Ba

Masu salun da dama sun sha tambayata abu ɗaya: kaya na nan jere a kanta, shamfu da kwandishina da man gashi, amma da an gama wa kwastoma aiki sai baki ya yi nauyi. Wata ta yi shiru har kayan su yi kwantai, wata kuma ta daure ta yi talla, kwastoma ta saya don kunya, daga ranar ba a sake ganinta ba. Ga tsarin da nake ba da shawarar a bi, daki-daki. Da mata masu salun nake magana, amma mai aski da mai gyaran farce za su iya ɗaukar tsarin yadda yake, su sauya kayan kawai.

Abu ɗaya nake so ki riƙe tun daga farko. Maganar da ake yi a ƙarshen aiki ba a ƙarshen ake ƙirƙiro ta ba. Tun lokacin da kwastoma ta zauna kika sa hannu a kanta ake tara ta. Idan ba ki ga komai a gashin ba, ba ki da abin faɗa a gaban madubi, kuma duk abin da kika faɗa talla ne tsagwaronsa.

1. Zaɓi kaya kaɗan, waɗanda hannunki ya sani

Kada ki fara da cika kanta. Zauna ki tuna koke-koken da kike ji kullum a kujerarki. A yawancin salun ba sa wuce huɗu ko biyar: gashi ya bushe, gashi na karyewa, amosani da ƙaiƙayi, gashi ya lalace saboda rilaksa ko rini, sai kuma yadda za a kula da kai alhali akwai kitso. Kowane koke ki nema masa abu ɗaya mai kyau, idan ya yi yawa biyu, ɗaya mai tsada ɗaya mai sauƙi. Ka'idar ita ce duk abin da ke kanta ya zama kina aiki da shi a kan mutane. Abin da ba ki taɓa matsawa a tafin hannunki ba, ba ki san kaurinsa ba, ba ki san ko yana barin maiƙo ba, da an yi miki tambaya ta biyu za ki fara kame-kame.

Sannan lissafi. Zan yi amfani da lambobi zagayayyu don misali, ki sa naki farashin a gurbinsu. A ce kin saro dozin ɗaya na kwandishina, kowace kwalba 100, jimla 1,200, kina sayarwa 150. Sai kin sayar da kwalba 8 uwar kuɗinki za ta dawo. Ribar duk tana cikin huɗun ƙarshe, wato 600. To idan kika buɗe ɗaya don aiki da nuna wa mutane, ɗaya kuma ta lalace a ajiye, ribar ta koma 300. Shi ya sa saro kaɗan-kaɗan ya fi, ko da dila ya yi miki alkawarin ragi a kan katon guda. Ragin da za a yi miki bai kai asarar kwalba uku da suka tsufa a kanta ba.

Wani wurin da ake ruɗewa: ɗora 50 a kan 100 ba ya nufin rabin kuɗin da kwastoma ta biya riba ne. 50 cikin 150 kashi ɗaya bisa uku ne. Ki riƙe wannan, zai yi amfani idan an zo maganar ragi da kamasho.

*Hattara:* ki saya daga hannun da za ki iya komawa idan kaya suka zo da matsala, ki kuma karɓi rasit. Jabun kayan gashi suna yawo, kuma idan kan kwastoma ya ƙone ba dila za ta nema ba. Duba ranar lalacewa da lambar rukunin kaya a jikin kowace kwalba. A kan wasu za ki ga zanen ƙaramin gwangwani a buɗe da rubutu irin `12M`. Ma'anarsa wata 12 bayan an buɗe. Wadda kika buɗe don aiki, rubuta ranar buɗewa a gindinta. Kada ki jera kaya inda rana ke dukansu ko kusa da na'urar busar da gashi, zafi yana ɓata su. Sabbi su koma baya, tsofaffi su dawo gaba. Kuma ki manna farashi a jikin kowanne, domin mutane da yawa ba sa tambayar farashi, tsoron kada ya fi ƙarfinsu ya hana su.

2. Yi tambaya kafin ruwa ya taɓa kai

Minti biyu ko uku sun isa. Gashi yana faɗin gaskiya ne yana bushe, kafin shamfu ya wanke shaidar. Tambayoyin da nake ganin sun wadatar su ne: me ya fi damunki da gashin nan a kwanakin nan, da me kike wanke shi a gida kuma sau nawa, me kike shafawa bayan wanki, yaushe rabonki da rilaksa ko rini, sannan akwai abin da kika taɓa shafawa ya ba ki ƙaiƙayi ko ƙuraje.

Ki lura ban ce ki tambaya ko tana son sayen wani abu ba. Ba lokacinsa ba ne. Ko ba ki sayar da komai a shagonki ya kamata ki yi tambayoyin nan, domin da su za ki san irin wankin da za ki yi mata. Kwastoma tana gane bambancin tambayar aiki da tambayar share fagen talla, kuma da zarar ta ji ƙamshin ta biyun sai ta fara ba ki amsa a gajarce.

Ki riƙe kalmominta yadda ta faɗe su. Idan ta ce “gashina kamar tsintsiya yake idan ya bushe”, wannan kalmar za ki mayar mata a ƙarshe, kada ki sauya ta da kalmar da ke jikin kwalba.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Mace ce ta zo tsifa da wanki da sabon kitso. Ta ce gashinta na zuba, kullum mataji cike. Da kika tambaya, sai ta ce tana sa rilaksa duk wata, tana wanke kai da shamfu sau ɗaya a mako, ba ta amfani da kwandishina, sai dai ta cika kan da mai. Tun kafin ki ce komai ta riga ta hango wata kwalba a kanta, ta ce, “Anti, wancan man ba shi ne mai tsiro da gashi ba? Shi nake so.”

Ciniki ya kawo kansa, kuma man shi ne mafi tsada a kantar. Amsar da ta dace ita ce, “Bari in duba kan tukuna, Hajiya, kada ki sayi abin da ba shi ne maganin ba.”

3. Duba da kyau, ki nuna mata abin da kika gani

Nan ne ƙwarewarki take, kuma nan ne kika fi shagon kayan kwalliya da ke sayar da kwalba ɗaya da taki. Su kwalba suke gani, ke kuwa kan yana hannunki.

Ɗebo gashin da ya fito a mataji ki baza shi a kan farin tawul. Ki duba tsawonsa da bakinsa. Gashin da ya zubo daga tushe yakan zo da tsawonsa cikakke, da ɗan farin ƙulli a gindinsa. Wanda ya karye kuwa gajeru ne, tsawonsu ba ɗaya ba, babu farin ƙullin. Wannan bambancin shi ne ke raba shawarar gaskiya da ta ƙarya. Zubar gashi daga tushe, kimanin sili 50 zuwa 100 a rana, abu ne da kowa ke yi. Wadda kitsonta ya yi makonni, duk abin da ya zuba yana maƙale a ciki, ranar tsifa zai fito gaba ɗaya ya tsorata ta. Ita wannan ba ta bukatar sayen komai, bayani kawai take bukata.

A misalinmu, abin da ke kan tawul gajeru ne, babu ƙulli. Kika ja sili ɗaya bayan ya jiƙe, maimakon ya ɗan miƙe ya koma sai ya tsinke nan take. Kika tsaga kan, fatar lafiya lau, sabon gashi na fitowa daga ƙasa. Ke nan tsiro ba shi ne matsalarta ba. Gashi yana girma kimanin santimita ɗaya a wata, don haka mai sa rilaksa duk wata ba ta da isasshen sabon gashin da za a shafa wa, dole maganin ya hau kan wanda aka riga aka miƙar, ya ƙara cinye shi. Shi ya sa ake son a bar aƙalla mako 8 tsakanin shafawa da shafawa. Ga kuma shamfu babu kwandishina. Man da take cikawa yana sa sheƙi, amma ba ya mayar da laushin da gashin ya rasa.

Kada ki tsaya a faɗa. Miƙa mata tawul ɗin ta gani da idonta, gani ya kori ji. “Kin ga, Hajiya, babu wanda ya fito da saiwarsa. Karyewa yake yi a tsakiya. Ga sabo nan yana fitowa, taɓa ki ji.”

*Hattara:* nuna matsala daban, kunyata mutum daban. Ki rage murya idan akwai wasu a shagon, musamman a kan amosani, wari, ƙwarƙwata ko sanƙo. Kada ki ce “wa ya ɓata miki kai haka?”, wataƙila ita ce da hannunta, wataƙila kuma 'yar'uwarta. Kada ki kambama abin don ki tsorata ta. Tsoro yana sa a saya yau, amma idan ta je wani salun aka ce mata ba komai ba ne, maganarki ta mutu har abada.

4. Faɗi abin da kike sawa a lokacin da kike sawa

Wannan gajere ne. Idan kika zo shafa kwandishinan, ki faɗi sunansa, dalilin da ya sa shi kika zaɓa mata, ki nuna yawan da kika matsa. “Wannan nake sa miki saboda karyewar. Kin ga yawansa, kamar babban cokali ɗaya. Daga tsakiyar gashi zuwa ƙarshe, ba a fatar kai ba.” Shi ke nan, ki ci gaba da hirarku. Bayan kin ɗauraye, ki sa ta taɓa gashin, ki bar mataji ya ratsa a gabanta. Ba a maganar kuɗi a nan. Mutumin da kansa ke cikin kwanon wanki, ido a rufe, ba ya da damar cewa a'a cikin sakin jiki, kuma ya san hakan.

5. Minti biyun ƙarshe a gaban madubi

Lokacin shi ne bayan ta ga aikin ta nuna ya yi mata, kafin ta miƙe ta buɗe jaka. Idan kika bari sai ta ƙirgo kuɗin aiki ta riƙe a hannu, ƙarin da za ki kawo zai zama kamar an sauya mata farashi. Idan kuma fuskarta ta nuna aikin bai yi mata ba, ki manta da sayarwa gaba ɗaya, ki gyara aikin.

Maganar tana da gaɓa huɗu, a jere: abin da ta ce yana damunta, abin da kika gani, abu ɗaya da zai taimaka da yadda ake amfani da shi, sai farashi. Ga yadda za ta kasance a misalinmu:

“Hajiya, kin ce kullum mataji cike. Mun gani karyewa ne, ba daga tushe ba. Abu na farko kyauta ne: ki ɗaga wa rilaksa ƙafa, aƙalla mako 8, kuma a sabon gashi kaɗai za a shafa. Na biyu, duk wanki ki bi shi da kwandishina. Wanda na sa miki ɗazu ga shi, ki bar shi minti biyar kafin ki ɗauraye. Kuɗinsa kaza. Man can da kika nuna, ba shi kike bukata ba.”

Daga nan ki miƙa mata kwalbar a hannu ki yi shiru. Shirun nan ne ya fi ba masu salun wuya. Da sun faɗi farashi sai su ji kamar sun yi laifi, su hau ƙarin bayani, ko su ce “amma fa ba dole ba ne, ko zan rage miki?” tun ba a nemi ragi ba. Bar ta ta juya kwalbar, ta karanta, ta shinshina. Tana lissafi ne a zuciyarta.

Me ya sa abu ɗaya? Domin idan kika jero mata shamfu, kwandishina, mai da feshi, dole ta zaɓa, kuma ba ta da ilimin zaɓar, sai ta ce sai wani jiƙon. Ko ta kwashe duka, abin ya yi aiki ko bai yi ba, ba wanda ya san wanne ne sila. Idan da gaske abu biyu take bukata, ki faɗi wanda ya fi gaggawa, ki ce ɗayan zai iya jira zuwa dawowarta. Shawarar kyautar nan kuma kada ki raina ta. Ita ce ke nuna wa kwastoma cewa gashinta kike kallo, kuma a gaskiya ita ce rabin gyaran: in ta ci gaba da rilaksa duk wata, kwandishinanki ba zai taɓuka komai ba, kuma ke za a zarga.

Ki faɗi iyakar abin. Kwandishina ba ya ɗinke gashin da ya riga ya tsage, wannan sai almakashi. Abin da zai yi shi ne rage sabuwar karyewa da sauƙaƙa taza. Ki ce mata ta duba matajinta bayan wanki uku ko huɗu.

*Hattara:* kalmomin “tabbas”, “cikin sati ɗaya” da “babu irinsa” ki fitar da su daga bakinki. Haka ma “saura guda ɗaya” alhali akwai katon a ɗaki. Kuma a rasit ki raba kuɗin aiki da kuɗin kaya, kowanne a layinsa. Kada ki taɓa sa kaya a jakar mutum ki haɗa a lissafi ba tare da ta ce e da bakinta ba.

6. Amsoshin da za ki ji

Idan ta ce ya yi tsada, kada ki yi gardama, kada kuma ki ruga ga ragi. Raba mata kuɗin a kan amfani. Kwalba mai mililita 250, ana ɗibar kimanin 15 a kowane wanki, za ta yi wanki 16. Mai wanke kai sau ɗaya a mako ta samu kusan wata huɗu. A lissafinmu na 150, kowane wanki bai kai 10 ba. Amma ki yi lissafin da gaskiya: mai gashi mai cika da tsawo za ta ci ninkin haka, ki gaya mata wata biyu zai yi mata. Idan duk da haka ya fi ƙarfinta, nuna mata mai sauƙin, ki faɗi inda ya gaza ɗayan. Idan shi ma bai yiwu ba, gaya mata irin abin da za ta nema a duk inda ta samu da araha. Kin rasa ribar kwalba ɗaya, amma kitsonta na wata mai zuwa yana nan.

Game da ragi, ki tuna ribarki 50 ce a cikin 150. Idan kika sauke 20, kin ba da kashi 40 cikin 100 na ribar, kuma kin koya mata cewa farashinki na farko ba na gaskiya ba ne.

Idan ta ce tana da irinsa a gida, tambaye ta wanne. In mai kyau ne, ki ce mai kyau ne, ta ƙarar da shi, ki gyara mata yadda take amfani da shi. Sau da yawa matsalar ba ta kaya ba ce: ana shafa kwandishina a ɗauraye nan take, ko a zuba shi a fatar kai a bar jelar gashin a bushe.

Idan ta ce za ta yi tunani, ko ta ce ba yau ba, wannan a'a ce cikin ladabi. Ki karɓa da fuskar da kika tarbe ta da ita. “Ba komai, Hajiya, bari in rubuta miki sunansa.” Ki mayar da kwalbar kanta da kanki, ki raka ta kamar kullum. Sau ɗaya ake tayi a zama ɗaya. Abin da kwastoma ke dubawa a wannan daƙiƙar shi ne ko fara'arki ta ragu, kuma da shi za ta yanke ko za ta dawo.

Akwai kuma wadda ya kamata ki fi kula da ita fiye da mai cewa a'a, wato mai sayen kunya. Za ki gane ta: ba ta tambayi yadda ake amfani da shi ba, ba ta kalli kwalbar ba, ta ce “to, kawo” tana duban ƙasa, tana sake ƙirga abin da ke jakarta. Buɗe mata ƙofa. “Ko ki bari sai kin dawo, yana nan ba inda za shi.” Idan da gaske tana so za ta ce a'a, a ba ta yanzu.

7. Inda ba a sayarwa sam

Wasu abubuwan da za ki gani a kan mutane ba na kayan shago ba ne, na likita ne. Makero, wanda ke cin gashi a zagaye ya bar ɓawo, galibi a kan yara, maganin sha yake bukata, shamfu ko mai kaɗai ba sa kashe shi. Haka ƙuraje masu ruwa ko mugunya, fata mai zafi da kumburi, da wurin da gashi ya fita fat ya bar fata sumul kamar tsabar kuɗi. Ki ce abin da kika gani, ki ce a je asibiti, kada ki sa wa cutar suna da tabbaci, kuma ki tsabtace matajinki da kyau bayan ta tafi.

Gashin gaban goshi da ya cinye saboda jan kitso, maganinsa a sassauta kitson a huta da nauyin ƙarin gashi. Idan aka yi da wuri yakan dawo, idan aka daɗe ana ja yana iya tafiya ke nan. Sayar wa irin wannan kwastoma man tsiro alhali kina ci gaba da ɗaure mata kai tamau cuta ce biyu. Mai jego kuma da gashinta ya fara zuba bayan wata biyu zuwa huɗu da haihuwa, abu ne sananne da yakan tsaya da kansa.

Amosani na yau da kullum kina iya ba da shamfunsa, irin mai ɗauke da sinadarin ketokonazol ko salaniyam salfaid, amma ki faɗi yadda ake yi: a fatar kai ake cuɗa shi, a bar shi minti uku zuwa biyar, kimanin sau biyu a mako da farko, bisa abin da ke rubuce a jikinsa. Ki gargaɗe ta cewa yana iya busar da gashi, ta bi shi da kwandishina. Idan wata ɗaya ya wuce babu sauyi, kada ki sayar mata kwalba ta biyu, ki tura ta ga likita.

*Hattara:* rinin gashi, musamman baƙi, yana tayar wa wasu mutane da mummunan ƙaiƙayi da kumburi. Duk wadda za ki sayar wa ta je gida da shi, ki gaya mata ta gwada ɗan kaɗan a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu ta jira awa 48, ko da ta taɓa amfani da shi a baya. Rilaksa kuwa, a ra'ayina, bai kamata ta bar salun a jakar wadda ba ta iya ba.

8. Rubuta, sannan ki bibiya

Littafi ɗaya ya isa, ko waya. Sunan kwastoma, rana, abin da kika gani, abin da kika ba da shawara, ta saya ko ba ta saya ba. Amfaninsa ranar da ta dawo yake fitowa. Matar misalinmu ta dawo bayan mako biyar, kafin ki taɓa kanta ki ce, “Hajiya, ya mataji?” Ki sake baza gashin a kan tawul ku kwatanta. Idan an samu sauƙi, yanzu ne lokacin abu na biyun da kika ce zai iya jira. Idan ba a samu ba, tambayi yadda ta yi amfani da shi, da ko ta sake sa rilaksa. In ta bi komai daidai kuma bai karɓe ta ba, ki ce bai karɓe ta ba, ki sauya. Ki tsayar da ka'idar mayar da kaya tun kafin rigima ta taso, ki rubuta ta inda ake gani: wanda ba a buɗe ba ana karɓa cikin kwana kaza, wanda ya ba mutum ƙaiƙayi ana musanya shi. Idan za ki tura mata saƙo tsakanin zuwa da zuwa, ki nemi izininta tukuna, kuma saƙon ya zama tambayar yadda gashin yake.

A ƙarshen wata ki fitar da lambobi uku. Cikin mutum goma da kika yi wa aiki, nawa suka saya. Cikin waɗanda suka saya, nawa suka sake sayen abin bayan ya ƙare. Sannan nawa daga cikinsu suka daina zuwa. Ta farkon ita kowa ke kallo, amma ita ce ta fi yaudara. Idan ta hau, ta ukun ma ta hau, cusawa ake yi a shagonki. Idan mutane na saya sau ɗaya ba sa maimaitawa, ko kayan ba su da kyau ko ba a koya musu amfani da su ba. Idan kuwa kusan ba wanda ke saya, koma mataki na 2, galibi tambayar ce ba a yi.

9. Idan kina da ma'aikata

Kamasho yana motsa mutane, amma ki lissafa shi daga riba. Kashi 10 cikin 100 na kwalbar 150 shi ne 15, an bar miki 35 daga cikin 50. Kada ki sa kamasho mafi tsoka a kan kayan da suka yi miki kwantai, domin washegari kowane kai da ya shigo shagon zai zama yana bukatarsu. Kada kuma ki kafa wa yarinya adadin da dole ta sayar a rana. Abin da za ki wajabta shi ne tambaya da rubutu: kowace kwastoma a tambaye ta, a rubuta abin da aka gani, ko da shawarar ita ce ba ta bukatar komai. Idan kaya suka dawo, kamashon ya dawo tare da su, idan kuma kwastoma ta sake saye, ko a hannun wa ta biya, ladan na wadda ta fara ba ta shawarar ne.

Sabon kaya idan ya zo, ki ba kowace ma'aikaciya ta yi amfani da shi a gashinta ko ta yi aiki da shi na ɗan lokaci kafin a ɗora shi a kanta. Ranar da babu cunkoso, ki zauna a kujera a matsayin kwastoma, ta yi miki maganar gaban madubi da gaɓoɓinta huɗu, ke kuma ki ce ya yi tsada, ki ga ko za ta iya yin lissafin wanki 16 ɗin nan ba tare da ta kalle ki tana neman izinin ragi ba.